Maki shida tsakanin aji biyu, amma an ce babu bambanci

Malama Uwar Biyu: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, aji biyu, kuma ina rubuta binciken kammala digiri. Wani aji na koyar da su ɓangarorin lamba da murafen kwalba da tsinken ashana, ɗayan kuwa allo da alli kamar kullum. Yara 30 ne a kowane aji. Masu murafe sun tashi da matsakaicin maki 62, masu allo 56. Da na saka a manhajar ƙididdiga ta SPSS sai p, lambar da ake dubawa a ga ko sa'a kaɗai za ta iya kawo irin wannan tazara, ya fito 0.058. Malamin da ke duba aikina ya leƙa takardar, ya ce ya haura 0.05 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, in rubuta babu bambanci in wuce babi na biyar. Ni kuma raina bai kwanta ba, maki shida fa. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Fage: Wa alaikumussalam. Malama ki bi maganar malaminki ki karɓi takardarki. Ni nawa ma haka ya fito, na rubuta babu bambanci, babu wanda ya tambaye ni komai ranar kare aiki.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Malama, kafin in ce wani abu, duba teburin farko da ya fito miki, ƙarƙashin `Std. Deviation`. Nawa ne a kowane aji?

Malama Uwar Biyu: Kusan 12 ne a duka biyun, Baba.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Madalla, aikin ya yi sauƙi. Wannan 12 ɗin yana nuna yadda makin yaran ya warwatsu daga matsakaicin ajinsu. Da shi za ki auna shidan nan, don maki shida a ajin da kowa ke kusa da kowa ba ɗaya ba ne da maki shida a ajin da wani ke da 30 wani 90. Ki raba tazarar da warwatsuwar:

```
d = (62 - 56) / 12 = 0.5
```

Shi ake kira girman tasiri, ko d na Cohen, da sunan Jacob Cohen. Shi ya ba da ƙiyasin cewa 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, kuma da kansa ya ja kunne cewa ƙiyasi ne na wanda ba shi da abin kwatantawa a fanninsa. In kina son ki faɗa wa shugaban makaranta da Hausa, ki ce masa: a ɗauko yaro ɗaya daga kowane aji ba tare da zaɓe ba, a yi haka sau ɗari, kusan sau 64 ɗan ajin murafe ne zai fi maki. Da ajin biyu daidai suke da sau 50 ne.

Shi kuwa p, girman tazarar da yawan yaran yake haɗawa wuri ɗaya. In da gaske tasirin 0.5 ne, sai kin sami yara kusan 64 a kowane ɓangare kafin gwajin ya kama shi sau takwas cikin goma. Da 30 kacal, damar ba ta ma cika rabi ba. Don haka 0.058 bai ce babu bambanci ba, cewa ya yi yaranki ba su isa a yanke hukunci ba.

Malamin Kimiyya: Ni akasin haka na gani. An taɓa ba ni makin gwajin share fage na makarantu da yawa, ɗalibai 1,200 da aka yi wa darasin yamma da wasu 1,200 da ba a yi wa ba. p ya fito 0.014, ofis ya ɗauki murna, har an fara maganar a faɗaɗa shirin. Da na koma kan makin, tazarar ɗaya da rabi ce, warwatsuwa 15, wato d bai wuce 0.1 ba. Iyaye na biyan kuɗi, yara na komawa gida bayan la'asar da yunwa, a kan maki ɗaya da rabi. Na faɗa a taro, wani ya ce ai kwamfuta ta tabbatar. Daga nan na ja bakina.

Auta: To ai shike nan, Anti ta jefar da p ɗin ta rubuta 0.5 kawai. Ni da na lissafa nawa 2.7 na samu ma, na ga ya ninka babban na Cohen sau uku.

Tsohon Jami'in Jarrabawa: Auta, koma ka duba layin da ka ɗauka. Ina kyautata zaton `Std. Error Mean` ka yi rabon da shi, don yana maƙwabtaka da wanda ake so. A makin Malama shi ne 12 a raba da tushen 30, wato 2.19, kuma shida a raba da shi zai ba da 2.7. Duk sanda ka ga d ya haura biyu a kwatancen aji da aji, fara zargin lissafinka.

Batun jefar da p kuma, a'a. Shi ma 0.5 ɗin ba tabbas ba ne. A teburin na biyu akwai `95% Confidence Interval of the Difference`. Malama za ki ga wani abu kamar -0.2 zuwa 12.2. Wato gaskiyar tazarar na iya zama kusan babu, tana iya kaiwa maki goma sha biyu. Duka ukun, p da d da waɗannan iyakoki biyu, za ki rubuta a jere.

Auta: Wallahi shi ne, Baba. Na gyara, a nawa binciken 0.4 ne ashe.

Hajiya Mataimakiya: Ni lissafinku ya fi ƙarfina, amma shekarata goma sha bakwai ina raba yara a azuzuwa. Malama, ajin naki A da B ne? A makarantarmu ta dā, waɗanda suka fi ƙoƙari a jarrabawar shiga su ake zubawa a A. Wata malama ta gwada sabon salo a A, ta zo da sakamako tana fara'a, sai na buɗe mata rajistar zangon baya: tun kafin ta fara, A na gaba da maki biyar. Sannan wane aji ke yin lissafi da safe, wane ne bayan tara?

Malama Uwar Biyu: Hajiya kin taɓo inda ban duba ba. Ba a tace su da ƙoƙari ba, bisa jerin sunaye aka raba. Amma masu murafe darasin farko suke yi, masu allo kuwa na ƙarshe, lokacin da rabin ajin ke gyangyaɗi. Makin zangon baya yana wurin malamin ajinsu, zan karɓo.

Ɗan Fage: Duk na ji, amma malamin da zai sa hannu ya riga ya faɗi abin da yake so. In ta kai masa d ya ce bai san shi ba fa?

Malamin Kimiyya: Ba sai ta yi jayayya da shi ba. Ta bar jimlarsa cewa gwajin bai kai 0.05 ba, don gaskiya ce, sai ta ƙara layi biyu a ƙasa. Nawa malamin ya karɓa haka. Na abokina kuwa ya sa jan biro ya soke.

Malama Uwar Biyu: Na karɓo rajistar. A zangon baya masu murafe 55, masu allo 53. Ke nan biyu daga cikin shidan tsohuwar tazara ce. Baba, in cire biyun in raba huɗu da 12, ko akwai wata hanyar da ta fi wannan? Ranar Litinin zan koma wurinsa.