Ragin kuɗin shekara ya rikita min lissafin kuɗin shiga na wata

Jama'a barkanmu. Ina da manhajar lissafin kaya da 'yan kasuwa ke amfani da ita a Agege. Mutum 20 suna biyan naira 5,000 duk wata, 10 suna biyan 13,500 duk wata uku, 5 kuma 48,000 a shekara. Na raba na wata uku gida 3, na shekara gida 12, sai MRR, wato kuɗin shiga mai maimaituwa duk wata, ya fito 165,000.

Inda na maƙale: biyu daga cikin masu shekara na yi musu ragin 12,000, amma na shekarar farko kawai. A lissafin wata, in sa wa kowannensu 3,000 da ya fito bayan ragi, ko 4,000 na cikakken kuɗi? Idan ragin ya ƙare, ƙarin 1,000 ɗin bunƙasa ce ko gyaran lissafi? Don Allah a taimaka.