Rubutun ƙasan bidiyo idan mai magana yana gauraya Hausa da Turanci

Mai tace bidiyo, Kano: Assalamu alaikum. An ba ni hirar wata ma'aikaciyar lafiya a kan hawan jini, kuma kusan kowace jimla tata Ingausa ce. Masu aikin suna so matan karkara su fahimta, waɗanda suka ba da kuɗin aikin kuma ba sa jin Hausa. Da na rubuta maganar yadda ta fito daga bakinta, ga abin da na samu:

```
12
00:01:04,200 --> 00:01:07,800
Idan BP ya yi high, kar ki yi skipping magani.
```

Wannan bai amfani kowa cikinsu ba. Yaya kuke yi da irinsa?

Ɗalibin aikin jarida, Zariya: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni abin da nake yi shi ne, inda aka yi Turanci in sa Hausa, inda aka yi Hausa in sa Turanci, don kowa ya ji rabi da kunnensa ya karanta rabin da ya rage.

Tsohuwar mai fassara, Kaduna: Ɗana, dabararka tana aiki idan mutum ya yi jimla guda da Hausa sannan ya koma Turanci ya daɗe a can, amma a nan gaurayar tana cikin jimla ɗaya ce, kuma babu mai iya haɗa kalma uku da ya ji da kalma bakwai da ya karanta cikin daƙiƙa uku da 'yan kai. Ka'idar da nake bi ita ce kowane mai kallo ya sami cikakkiyar jimla a harshensa. Idan YouTube za a ɗora, sai a yi fayil biyu na SRT, kowa ya zaɓi nasa. Idan kuwa ta WhatsApp zai yi yawo, fayil ba ya bin bidiyon, dole a manne rubutun a jikin hoton, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, kuma ba a sauya musu wuri har ƙarshe:

```
12
00:01:04,200 --> 00:01:07,800
Idan jini ya hau, kar ki yi fashin magani.
If your BP is high, do not skip a dose.
```

Layin Hausar haruffa 42 ne har da tazara, wanda shi ne iyakar da aka saba bi, na Turancin kuma 39. Idan aka haɗa su aka raba da daƙiƙa 3.6, za a sami fiye da haruffa 22 a daƙiƙa, don haka manhajar Subtitle Edit za ta iya yin gargaɗi cewa an yi sauri, gwargwadon iyakar da aka saita mata. Wannan gargaɗin ba ya tayar mini da hankali, domin mai karanta Hausar kaɗai haruffa kusan 12 yake bi a daƙiƙa. Wahalar da ke ciki ita ce kowane harshe layi ɗaya ya rage masa, saboda haka doguwar jimla sai an yanka ta gida biyu, kuma wajen da Hausa take son yanka ba kullum ne Turanci yake yarda da shi ba.

Mai gyaran sauti, Jos: Hajiya, me zai hana a ɗora muryar Hausa a kan wuraren Turancin, kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya? Na taɓa yin haka, kuma tsofaffin da ba sa karatun boko sun ji daɗinsa.

Mai tace bidiyo, Kano: Malam, rubutu aka ɗauke ni in yi, ba murya ba, ko da yake zan gaya wa masu aikin batun waɗanda ba sa karatu. Hajiya, na gwada tsarinki yanzu, sai ƙ da ɗ suka koma 'yan akwatuna.

Tsohuwar mai fassara, Kaduna: Idan akwatuna ne, salon haruffan da ka zaɓa ba shi da masu lanƙwasa, ka sauya zuwa Noto Sans. Idan alamun tambaya ko tarkace ka gani, ba a ajiye fayil ɗin da UTF-8 ba.

Mai shirya wasan kwaikwayo, Maraɗi: A wajenmu da Faransanci ake gaurayawa, kuma ban gamsu da tsarin Hajiya gaba ɗaya ba. A wani wasa da na shirya, ma'aikacin gwamnati yana sauya harshe ne da gangan don ya nuna wa manomi fifiko, to da muka mayar da komai Hausa zalla sai raini ya ɓace daga rubutun, kurame da suka kalla ba su gane dalilin fushin manomin ba. Daga baya mun karkata haruffan ɓangaren da aka faɗa da Faransanci ta hanyar `<i>` da `</i>`, amma wasu masu kallo sun ɗauka murya ce daga bayan fage.

Tsohuwar mai fassara, Kaduna: Gaskiyarka, Malam, a hirar lafiya saƙon nake karewa, a wasa kuwa sauya harshen kansa labari ne. Na taɓa gwada launi dabam maimakon karkatarwa, sai dai a ƙaramar waya bayan WhatsApp ta matse bidiyon, rawaya da fari suna kusan zama ɗaya. Da wane girman haruffa kuka yi naku?