Memwar shafi 90, shef na distrik ya ce biyu yake so

Hadiza Garwa: Salamu alaikum jama'a. Na gama memwar ɗina kan yaran da ke karɓar allurar rigakafi ta Penta 1 ba sa dawowa ta uku, wato Penta 3, to shef na distrik ya ce in kawo masa a shafi biyu kafin taronsu, ni wallahi na rasa me zan yanke

Bello: Ai rezime ɗinki na gaba za ki kwafe ki ɗan faɗaɗa, shi ke nan

Malam Sani Marwa: A'a Bello, rezime na juri ne, da hanyar bincike yake farawa. Shi shef abin da zai sa wa hannu yake nema. Hadiza me kika samu mafi ƙarfi?

Hadiza Garwa: Nisa ne Malam. Waɗanda suka wuce kilomita 5 daga asibiti sun fi daina zuwa, OR ɗin, wato odds ratio da ke auna ƙarfin alaƙar nisa da dainawa, ya fito wajen 2

Malam Sani Marwa: To kada OR ya shiga takardar, kuma kar ki rubuta "sau biyu". A ce cikin yara 100 na nesa 40 ba su dawo ba, na kusa kuma 25, OR zai ba ki 2 cif amma 40 ai bai ninka 25 ba. In abu ya yi yawa haka OR kan kumbura shi. Ki ba shi kawunan yara daga tebur ɗinki, nawa cikin 100, ki ajiye kusa da kashi 10 da ake ɗauka iyakar masu dainawa, da kansa zai ga tazarar.

Sai shawara, ɗaya ko biyu, a saman shafin farko: fita rigakafi ƙauyuka kaza sau ɗaya a wata, wa zai je, moto nawa, litar mai nawa, sefa nawa. Ba "ya kamata gwamnati ta wayar da kai" ba, wannan babu mai aiwatarwa

Hajja Ummi: Gaskiya ne, nawa shafi 12 na kai wani ofis, bayan wata uku na tarar an ɗora flas ɗin shayi a kai. Amma ƙanwata nisa kaɗai ne? mu nan uwa ta ga zazzaɓi bayan allurar sati 6 sai ta ƙi komawa ta sati 10

Hadiza Garwa: Yaya ban tambayi wannan sosai ba, kuma sau ɗaya na zaga gidajen, da rani

Malam Sani Marwa: To ki faɗa a layi ɗaya, ki ce masu nisa sun fi dainawa, kar ki ce nisa ne ya jawo. Ki ambaci ranin ma, don a Agusta in mayo ya cika lissafin moton nan ya canza

Bello: Ni dai ina ganin in ya ga wannan layin zai ce aikin bai nuna ba ya ajiye

Hajja Ummi: Ya danganta da shef ɗin. Yaushe ne taron ma?