Neman kalmar Hausa: amsar da ke kama da daidai a jarrabawar kasuwanci

Malamar kasuwanci: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bitar tambayoyin zaɓi kafin JAMB, kuma da Hausa nake son yin bayanin. Me za mu kira abin da masu tsara jarrabawa ke cewa distirakta? Ga misalin da na shirya: ɗan kasuwa ya sayi buhun masara naira 40,000, ya sayar naira 50,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari na kuɗin sayarwa? A 20, B 25, C 80, D 125. A gwajin da na yi musu, yawancinsu B suka zaɓa, har da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, wadda ta kawo mini takardarta tana nuna mini lissafinta layi-layi.

Ɗalibin jami'a: Malama, ai "mai ɗauke hankali" ya wadatar, kamar surutu ko ƙarar janareta a ɗakin jarrabawa.

Tsohon malamin akanta: A'a, ɗana, wannan a jikin takarda yake. Malama, lissafin yarinyar bai ɓaci ba, wata tambaya dabam ta amsa. Ribar naira 10,000 ce ko ta ina aka duba. In aka raba ta da kuɗin saye, 40,000, za a sami kashi 25 cikin ɗari, in kuma aka raba ta da kuɗin sayarwa, 50,000, za a sami kashi 20. A kasuwa bisa uwar kuɗi muke auna riba, shi ya sa hannun yaro ke tafiya kan B tun bai gama karanta tambayar ba. Ki sa su ja layi ƙarƙashin kalmomin "na kuɗin sayarwa", sannan su mayar da amsar da suka zaɓa cikin tambayar: kashi 25 na 50,000 naira 12,500 ne, alhali 10,000 ya ci, saboda haka B ta faɗi. Ni dai "tarko" nake cewa tun ina koyarwa.

Mai fassara a rediyo: Allah ya gafarta malam, tarko yana nuna mugun nufi, kamar ana farautar yaro ne. Ni na ce "sojan gona", domin amsa ce da ta sa rigar gaskiya alhali ba ita ba ce, kuma duk Bahaushe zai gane ta ba tare da ƙarin bayani ba.

Wata malama daga Zariya: Mu "amsar bogi" muke cewa a darasin canki-canka.

Mai fassara a rediyo: Hajiya, bogi aron Turanci ne, kuma kiran jarrabawa canki-canka koya wa yara caca ne. Wannan sakacin ne ya sa ake raina Hausa, ana cewa ba ta iya ɗaukar ilimin zamani. Sojan gona tamu ce tsantsa.

Wata malama daga Zariya: Malam, soja fa? Daga ina muka samo shi? Ita kanta jarrabawa daga Larabci ta zo, kuma ban ji wanda ya ce a kore ta ba.

Mai fassara a rediyo: Soja ya daɗe da zama ɗan gida, bogi kuwa jiya ya shigo.

Tsohon malamin akanta: Ku bar maganar asali, matsalar sojan gona tana wani wuri. Distirakta suna ne na duk zaɓin da ba daidai ba, wato uku cikin huɗu a JAMB, huɗu cikin biyar a NECO. A misalin nan C ta fito ne daga raba 40,000 da 50,000, D kuma daga juya su, amma yaron da ya san riba 10,000 ce kawai ba zai kalle su sau biyu ba. B ce kaɗai ta yi shigar gaskiya. In muka kira duka ukun sojan gona, mun rasa sunan da za mu ware ta da shi, alhali ita ce darasin. Akwai kuma abin da nake so ki faɗa musu, Malama: da tambayar ta tsaya a "ribarsa kashi nawa ce" ba ta ambaci saye ko sayarwa ba, to A da B duk suna da hujja, kuma laifin na mai tsara tambayar ne.

Malamar kasuwanci: Na gode, Baba. To, zan kira B sojan gona, C da D kuma 'yan rakiya. Sunan da zai haɗa su duka ne har yanzu ban samu ba, don haka ranar Litinin zan ce "zaɓin da ba daidai ba".

Mai fassara a rediyo: Na karɓa, ko da yake wannan na ƙarshen jimla ce, ba kalma ba ce.

Tsohon malamin akanta: 'Yan rakiya bai kwanta mini ba, domin yaron da ya juya lissafi D zai zaɓa da zuciya ɗaya. Ki gwada dai, ki dawo mana da abin da yaran suka riƙe.