Retopolojin fuska: gefen baki yana tsukewa in na sa murmushi

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sassaƙa kan wani dattijo a Blender, na shimfiɗa sabuwar raga a kansa da Shrinkwrap da Mirror. Yana tsaye lafiya lau. Amma da na yi Shape Key na murmushi, gefen bakin ya tsuke kamar bakin zani da aka ƙulle. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Mai Zane: Ni Subdivision Surface nake ƙarawa zuwa 2, tsukewar ta ɓace. Ƙarancin ɗigo ne.

Hajiya ta Zariya: Wa alaikumus salam. Mai Zane, wannan ɓoyewa ce kawai, in ya buɗe baki sosai za ta dawo. Ɗan Bagalam, riƙe Alt ka danna layin da ke bakin leɓe. In ya zagaye bakin ya dawo inda ya faro, zobe ne. In ya zarce ya hau kunci ko ya yi ta naɗewa, to nan ciwon yake. Naman da ke kewaye da baki da ido zagaye yake, shi ya sa ragar ma dole ta zagaya. Ni zobe uku ko huɗu nake jerawa daga leɓe zuwa waje, sannan wani babba da zai bi ramin nan daga gefen hanci, ya sauko ya kewaye ƙarƙashin baki. Mahaɗa mai layi biyar kuwa ba a rasa ta a fuska, amma ka tura ta can kan kunci inda fata ba ta lanƙwasa sosai. Wani aiki da aka kawo min, tana daidai kusurwar leɓe, sai da na warware wajen duka.

Ɗan Bagalam: Wallahi Hajiya tawa ma can take.

Ƙaramin Ɗalibi: Ni ido ne matsalata. In ya ƙifta, ƙwayar tana hudo fatar.

Hajiya ta Zariya: Ƙanena, ƙirga ɗigon fatar sama da ta ƙasa, su zo daidai, misali takwas da takwas, kowane ya sami abokin haɗuwa. Kuma fatar saman tana son zobe kamar uku, don ta bi gantsarewar ƙwayar in ta sauko. Shape Key a miƙe yake kai ɗigo, ba ya zagayawa, don haka a 0.5 ake ganin hudowar.

Mai Zane: Nan kam ƙashi ya fi, a juya fatar daga tsakiyar ƙwayar ido. Amma ni har yau Shrinkwrap yana jefa min ɗigon leɓen sama kan na ƙasa.

Hajiya ta Zariya: Baki a rufe ka sassaƙa. Ni ɗan buɗe shi nake tun farko. Wasu da Vertex Group suke cire leɓen daga Shrinkwrap, su jera shi da hannu.

Mai Zane: Buɗewar tana ɓata min kamannin mutum, Hajiya. Zan gwada ta biyun.