Me za mu kira anti-cheat da Hausa? Na maƙale a layin farko

Nasiru Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wa yaran da muke buga Valorant tare ɗan bayani da Hausa a kan abin da za su yi idan wasan ya ƙi buɗewa, to amma tun a layin farko na tsaya, domin ban san sunan da zan ba wa anti-cheat ba, wato manhajar nan da ke hana 'yan wasa karya ƙa'ida. Abin da ya jawo rubutun shi ne kwamfutar ɗan yayata. Kwana uku ke nan, da ya danna wasan sai saƙo ya fito cewa sai an sake kunna kwamfuta kafin a yi wasa. Ya sake kunnawa ya fi sau goma, saƙon nan bai gusa ba. Na lura ƙaramar alamar Vanguard, anti-cheat ɗin Valorant, da ke zama kusa da agogo ma ba ta nan. Wani ya ce masa sabis ɗin anti-cheat ne bai tashi ba. Ni dai na rubuta "mai hana cuta", amma bai kwanta mini ba. Ku taimaka da kalma, in da mai gyara kuma ina so.

Ɗan Asabe:
In dai sabis ne ai ba sai an wahala ba. Ya canza layi, ko ya matsa kusa da taga. Ni ma da daddare haka nake fama, sai wajen ƙarfe sha biyu yake daidaita.

Malam Habu mai gyara:
Wa alaikumus salam. Ɗan Asabe, ba sabis na waya ake nufi ba, kuma amsarka ta nuna mana cewa matsalar kalma biyu ce, ba ɗaya ba. A Windows akwai ƙananan manhajoji da ke aiki a bayan fage, ba su da tagar da za ka gani, kuma tsarin ne ke tayar da su. Su ne za ka tarar a jere idan ka buɗe `services.msc`. Intanet ɗinka zai iya kasancewa lafiya lau amma ɗaya daga cikinsu na kwance.

Vanguard, wanda ya zo tare da Valorant a 2020, kashi biyu ne. Akwai `vgk`, direba ne da ke shiga can cikin tsarin tun lokacin da Windows ke tashi, kafin ma ka ga fuskar kwamfutar. Akwai kuma `vgc`, shi ne na cikin jerin nan, yana tashi ne idan an buɗe wasan. In ɗaya ya ƙi, wasan ba zai bar ka ka shiga ba. Nasiru, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta waɗannan, ka kawo mana abin da ya fito:

```
sc query vgk
sc qc vgc
sc start vgc
```

Ka tabbata Command Prompt ne, domin a Windows PowerShell `sc` wani abu daban yake nufi.

Malama Hajara:
Kafin ya dawo, bari in taɓa kalmar. Malam Nasiru, gaskiyarka da "mai hana cuta" bai kwanta maka ba. Cuta a bakinmu tana ɗaukar zalunci, tana kuma ɗaukar rashin lafiya, kuma a harkar kwamfuta duk wanda ya ji "hana cuta" tunaninsa zai tafi ga riga-kafin bairos. Zamba ta fi karkata ga kuɗi. Ha'inci na ciniki ne da amana, kamar mai tauye mudu. Algus kuwa gauraya kaya ne. Wanda ya sa manhajar da ke nuna masa abokan karawa ta bayan bango, ko take saita masa bindiga, abin da ya yi shi ne maguɗi: ana gasa a kan ƙa'ida, shi ya bi ta bayan gida ya ci. Haka muke cewa maguɗin zaɓe da maguɗin jarrabawa.

Ga kuma ginin da Hausa ta riga ta tanada. Muna da hana-salla, muna da dafa-duka da fasa-ƙwauri, aikatau a gaba, suna a baya, su haɗu su zama sunan abu guda. Saboda haka ni "hana-maguɗi" nake ba da shawara. Gwada shi a jimla ka ji: hana-maguɗin wasan ya ƙi tashi.

Sani Gwale:
Malama, ban ƙi taki ba, amma mu da muka taso da karta da ludo ba maguɗi muke cewa ba, coge muke cewa. "Ka yi coge" shi yaro zai faɗa a wurin wasa. Maguɗi ya yi kama da labaran rediyo. Ni da za a bi tawa ma, alƙalin wasa kawai za a ce, tunda shi ke korar mai laifi. Kuma ai duk irinsu ɗaya ne, da ka kunna kwamfuta suke tashi su zauna suna kallonka.

Malam Habu mai gyara:
Coge kalma ce mai kyau, Sani, wannan na ba ka. Amma ba duka ke tashi tare da kwamfuta ba. Easy Anti-Cheat da BattlEye, na wasu wasannin, sai an buɗe wasa suke tashi, in an rufe su sauka. Vanguard ne aka san shi da shiga tun farkon tashin Windows, shi ya sa bayan an girka shi, ko an kashe shi daga alamar nan ta kusa da agogo, yake neman a sake kunna na'ura.

Alƙalin wasa kuma ina jin zai ɓatar da yaran. Alƙali hukunci yake yankewa a cikin fili. Abin da ya sami ɗan yayar Nasiru ba hukunci ba ne, ba a kore shi ba, ba a ma zarge shi da komai ba. Mai binciken bakin ƙofa ne bai zo aiki ba, sai aka ƙi buɗe ƙofar ga kowa. In ka rubuta "alƙali ya hana ni wasa", yaro zai ɗauka an rufe masa asusu ne, ya je ya buɗe sabo, ya tarar da saƙon nan dai yana jiransa.

Nasiru Ƙofar Mata:
Malam Habu, na yi. Na farko ya nuna `STOPPED`. Na biyu, a layin `START_TYPE` an rubuta `4 DISABLED`. Na uku ya ƙi, ya ba da lamba 1058.

Malam Habu mai gyara:
Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Lamba 1058 tana nufin an kashe shi ne da gangan, an hana shi tashi. Da 1060 ka gani, da mun ce babu shi ma sam a na'urar, sai an sake girkawa. Tambayi yaron ko ya shiga `msconfig` kwanan nan. Sau da yawa masu neman kwamfuta ta ƙara sauri suna zuwa shafin Services, su danna Hide all Microsoft services, sannan Disable all. Wannan dannawa ɗaya tana kwantar da `vgc` tare da sauran. Wasu manhajojin share-share ma suna yin haka ba tare da mutum ya lura ba. Rubuta wannan:

```
sc config vgc start= demand
sc config vgk start= system
```

Ka kula da tazarar da ke bayan alamar `=`, ka bar ta yadda na rubuta. Sannan ka danna Restart, kada ka yi Shut down ka kunna. Idan Fast Startup na aiki, Shut down ba ya sauke zuciyar tsarin gaba ɗaya, ajiye ta yake yi ya dawo da ita yadda take, direban da bai hau ba kuma sai ya ci gaba da zama a ƙasa. Na sha ganin mutum ya rantse ya kashe ya kunna sau biyar, alhali Windows bai tashi sabo ko sau ɗaya ba.

Nasiru Ƙofar Mata:
Ya amsa. Wani bidiyo ya gani na ƙara saurin wasa, ya bi shi daki-daki ranar Talata, washegari abin ya fara. Bai taɓa haɗa biyun a ransa ba. Na yi yadda ka ce, na danna Restart, alamar ta dawo kusa da agogo, `vgk` ya nuna `RUNNING`, yanzu haka yana cikin wasa. Allah ya saka da alheri, Malam.

Ummi Tudun Wada:
Don Allah ni ma a duba tawa. Kwamfuta ce ta hannu, na saye ta da Windows 11 a kanta. Ni ba saƙon sake kunnawa nake gani ba, VAN9003 yake rubutawa. Na yi umarnin nan biyu na sama, babu abin da ya canza.

Malam Habu mai gyara:
Ummi, taki daban ce, umarnin nan ba zai taɓa ta ba. A Windows 11 Vanguard yana buƙatar matakan tsaro biyu na na'urar, Secure Boot da TPM 2.0, kuma VAN9003 maganar Secure Boot yake yi. Buɗe `msinfo32` ki duba layi biyu, BIOS Mode da Secure Boot State. In kin ga UEFI da Off, kunna Secure Boot kawai za a yi a cikin BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi. In ya sake kashe kansa bayan an cire wuta, a duba ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, domin idan ya mutu saitin kan koma na asali.

Ummi Tudun Wada:
Legacy na gani, ɗayan kuma Unsupported.

Malam Habu mai gyara:
To dakata, kada ki shiga BIOS ki juya shi zuwa UEFI yanzu. Legacy yawanci yana tafiya da faifai mai tsarin MBR, in kika juya kafin a mayar da faifan GPT, Windows ba zai tashi ba. Akwai `mbr2gpt` da ke yin wannan aikin, amma sai kin kwashe muhimman kayanki tukuna. Kuma kafin a sha wannan wahalar, buɗe `tpm.msc` ki ga ko Specification Version ya nuna 2.0. Windows 11 a kan Legacy alama ce ta cewa an tsallake binciken ne lokacin girkawa, kuma mai yiwuwa na'urar ta girmi abin da ake nema. Wani lokaci TPM ɗin yana nan a kashe, da sunan PTT a na Intel ko fTPM a na AMD. Turo mini samfurin kwamfutar.

Malama Hajara:
Kun ga a maganar Ummi ma kalmar ta zauna: hana-maguɗin ya ƙi amincewa da na'urar. Sani, in an ce hana-coge ban da ja, sai dai ina ganin maguɗi ya fi yaɗuwa, na Sakkwato da na Damagaram duk za su gane shi.

Sani Gwale:
A rubutu ku sa hana-maguɗi, na yarda. A bakinmu dai coge ba zai fita ba. To shi kuma sabis ɗin fa? Wani ya ce mini hidima.

Malama Hajara:
Hidima ba ta tashi ko ta kwanta, yin ta ake yi. "Hidimar ta ƙi tashi" ba Hausa ba ce. Ina tunanin "ma'aikacin bayan fage", amma ya yi tsawo.

Nasiru Ƙofar Mata:
Na sa hana-maguɗi a kanun bayanin. Ɗayar kuma na rubuta "manhajar bayan fage mai suna `vgc`" na wucin gadi, tunda sabis ya riga ya kai Ɗan Asabe bakin taga, kuma yarana ma can zai kai su. In wani ya samo gajeriya zan canza. Ummi, ina jiran in ji yadda taki ta ƙare, domin ina so in ƙara sashen VAN9003 a ƙasa.

Ummi Tudun Wada:
Na buɗe `tpm.msc`, ya ce Compatible TPM cannot be found. Malam Habu, zan ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙasan kwamfutar in turo maka bayan la'asar.