Matakai biyu cikin huɗu sun kammala: shin aiki ya kai rabi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin diddigin wani aiki mai matakai huɗu a Excel, biyu sun kammala, jadawalin kuma ya nuna kashi 50 cikin ɗari, amma ni da ke kan aikin na san ba mu kai rabi ba. Ina gyaran yake?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Jadawalinka yana ƙirga matakai ne tamkar nauyinsu ɗaya. A ce na farko kwana 5 ne, na biyu 10, na uku 20, na huɗu 5, jimla kwana 40. Biyun farko kwana 15 ne kacal, wato kashi 37.5. Ka sa kwanakin kowane mataki a layin B, kashi nawa cikin ɗari aka kammala a layin C, sannan ka rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B5,C2:C5)/SUM(B2:B5)
```

Hajiya: Lissafin Injiniya daidai ne, sai dai layin C ne ke ba ni tsoro, domin na taɓa ganin mataki ya yi mako uku yana kan kashi 90, kullum mai aikin yana cewa saura kaɗan. Tun daga nan lamba uku kawai nake karɓa: sifili idan ba a fara ba, 50 idan an fara, 100 idan an miƙa aikin.

Injiniya: Hajiya, dabarar tana aiki a gajerun matakai, amma a misalinmu ranar da aka taɓa mataki na uku jadawalin zai yi tsalle daga 37.5 zuwa 62.5, alhali ba a yi komai ba tukuna. Gara a raba shi gida huɗu, kwana biyar-biyar.

Malam: Ni dai idan mataki ya makara, sai in gyara ranarsa domin jadawalin ya dace da halin da ake ciki, in kuma tara jinkirin duka matakan a ƙasa.

Injiniya: Malam, da ka goge ranar farko ka goge shaidar jinkirin. Ka bar ranar tsari a layin D kada ka taɓa ta, ranar kammalawa kuma a layin E, sannan ka lissafa jinkirin da wannan:

```
=IF(E2="",MAX(0,TODAY()-D2),E2-D2)
```

Ba don wannan sharaɗin ba, gurbin da ba a cike ba zai fitar da lamba mai alamar ragi da ta haura dubu arba'in. Tarawar ma kuskure ce, domin idan mataki na biyu ya makara da kwana 3 ya ja na uku da kwana 3, aikin ya makara da kwana 3 ne, ba 6 ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To idan mai aikin da kansa ya amince da sabuwar rana, ita ma ba za a sa ta a layin D ba?

Hajiya: Ni sabon layi nake buɗe mata, in bar tsohuwar a inda take, ko da yake har yanzu muna jayayya da abokan aikina kan wadda za a auna jinkiri da ita a rahoto.